Takardar da ke bakin ƙofa: yadda ake rubuta dokar makulli da lokacin shiru a gidan kwanan ɗalibai

Duk wanda ya zaga unguwannin da ke kewaye da manyan makarantunmu ya san irin gidajen nan. A Samaru ta Zariya, kusa da Jami'ar Ahmadu Bello, da Ɗanbare da Rijiyar Zaki a Kano, kusa da sabon mazaunin Jami'ar Bayero, za ka ga dogayen gidaje masu ɗakuna a jere, 'yan kasuwa sun gina su don ɗaliban da ba su sami gado a cikin makaranta ba. A bakin ƙofar yawancinsu akwai takarda manne a bango, rana ta dafa ta, ruwa ya wanke rabin tawadar. Abin da aka saba gani a jikinta bai wuce layi uku ba: a biya kuɗin makulli, wanda ya ɓatar da makulli za a ci shi tara, ban da surutu da dare.

Layukan nan uku gaskiya ne a zuciyar mai gida, domin shi ya san abin da yake nufi. Matsalar ita ce ranar da rigima za ta tashi, shi ba ya nan. Ƙarfe ɗaya na dare ne, ɗalibi yana tsaye ba makulli, maigadi yana riƙe da tocila, kuma ba wanda zai raba gardama sai takardar. Idan ba ta faɗi nawa ba, ba ta faɗi yaushe ba, ba ta faɗi wa za a samu ba, to kowa zai karanta son ransa a cikinta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a nan tsagewar tana cikin kalmomin da aka bari a buɗe.

Ma'aunin sanarwa mai kyau ɗaya ne: maigadi da sabon ɗalibi su karanta ta, kowa shi kaɗai, su fito da amsa iri ɗaya. Don mu ga yadda ake kai wa ga haka, bari mu ɗauki gida guda a matsayin misali. Ɗakuna 20 ne, kowane ɗaki mutum biyu, wato ɗalibai 40. Akwai mai kula da gida da ke zuwa da rana, akwai maigadi da ke kwana. Kuɗaɗen da za a ambata duk na misali ne, kowane mai gida sai ya tambayi farashin kasuwarsa kafin ya rubuta nasa.

Kuɗin makulli: biya ne ko ajiya?

Kalmar "kuɗin makulli" ita ce tushen rigimar ƙarshen shekara. A kunnen ɗalibi tana iya nufin kuɗin da ya sayi makullin da shi, ko kuɗin hayarsa, ko kuɗin da ya ajiye zai karɓa in ya tashi. A kunnen mai kula da gida kuwa, sau da yawa ta riga ta shige cikin kuɗin shiga, an sayi man janareto da ita tun zangon farko. Ran da ɗalibi ya ɗaure kayansa ya miƙo makulli ya ce a ba shi kuɗinsa, sai a fara kallon-kallo.

Hausa tana da kalmar da ta raba wannan gardama, wato ajiya. Abin ajiya na mai shi ne, wanda yake riƙe da shi amana aka ba shi. Ba kuma kafin alƙalami ba ne, domin kafin alƙalami wani yanki ne na kuɗin ciniki, yana narkewa a cikin farashi, ita kuwa ajiya tana komawa hannun mai ita. Saboda haka layin farko ya kamata ya fito ɓaro-ɓaro:

"Kowane mazauni zai ba da ajiyar makulli naira 8,000 ranar da ya karɓi makulli. Wannan kuɗi ajiya ne, ba ya cikin kuɗin haya, kuma za a mayar masa da shi gaba ɗaya idan ya dawo da makullin."

Me ya sa 8,000, ba 2,000 ko 20,000 ba? Adadin ba a tsintarsa a iska. Ajiya tana tsaye ne a madadin asarar da gida zai yi idan mutum ya tafi da makulli bai dawo ba. A gidan misalinmu, ƙofofin suna da kuba irin wadda ake iya zare silindarta a sa wata ba tare da an taɓa sauran ƙarfen ba. Mu ce sabuwar silinda naira 6,000 ce, ladan kafinta 2,000. Asarar ke nan, 8,000, kuma ita ce ajiyar. Idan ajiya ta gaza haka, gida ne zai cika daga aljihunsa. Idan ta ninka haka, ɗalibai da iyayensu za su ɗauke ta a matsayin ƙarin haya da aka sake wa suna, kuma da wuya a ce sun yi kuskure.

Layi na biyu shi ne wanda aka fi mantawa: yaushe ake mayarwa, ta wace hanya, kuma a hannun wa. "Za a mayar" kawai bai isa ba, domin ɗalibin da ya gama jarrabawa yau, gobe da sassafe yana tasha. Wanda zai tafi Jalingo ko Ilorin ba zai dawo don naira 8,000 ba, kuma ya san an san haka. Rubutun da ya kare shi shi ne wanda ya ce za a gwada makullin a ƙofa a gabansa, a sa hannu a littafi, sannan a ba shi kuɗinsa a ranar, ko a tura masa ta banki cikin kwana bakwai. Gwajin a ƙofa yana kare gidan ma, don wani lokaci abin da ake miƙowa makullin wani kwaɗo ne da ya yi kama da na ɗakin.

Akwai abin da ba ya hawa takarda amma in babu shi takardar ta zama alkawarin banza. Ɗalibai 40 sau naira 8,000 ya kama naira 320,000, kuma kusan dukansu za su nemi kuɗinsu a mako ɗaya. Mai gidan da ya cakuɗa wannan kuɗi da na haya zai wayi gari ba shi da abin biya. A ware shi daban tun ranar farko, a ba kowa rasit na musamman da aka rubuta "ajiyar makulli" a kansa, dabam da rasit ɗin haya.

Sannan a yanke shawara a fili kan abin da za a iya cirewa daga ajiyar. Idan an kira ta ajiyar makulli, to ta makulli ce kaɗai. Ba daidai ba ne a riƙe ta saboda fasasshen gilashin taga ko bashin kuɗin wuta, sai in an rubuta haka tun farko an kuma sa mata sunan da ya dace. Jimla ɗaya ta wadatar: "Ba za a cire komai daga wannan ajiya ba sai abin da ya shafi makulli da kuba."

Makulli ya ɓata: abubuwa uku ne, ba ɗaya ba

Sanarwar da ta ce "wanda ya ɓatar da makulli zai biya tara" ta zuba abubuwa uku a kwando ɗaya, alhali kuɗinsu da haɗarinsu sun bambanta.

Na farko, makulli ya karye ko ya lanƙwashe, kuma guntayen suna hannu. Babu wani haɗari ga ɗakin, domin ba wanda zai tsinci komai. Abin da ake bukata kawai a ɗauki makullin ofis a kai wa mai yankan makulli ya fitar da wani. A misalinmu naira 1,000 ne. A nan yana da kyau a yanka daga na asali da ke ofis, domin kwafin da aka yanka daga wani kwafin yakan zo da ɗan kuskure, ya riƙa cijewa a cikin kuba har ya lalata ta.

Na biyu, mutum ya ja ƙofa ta kulle, makulli yana ciki, ko abokin zamansa ya fita da shi. Wannan ba ɓata ba ne, buɗe ƙofa kawai ake nema. Idan sanarwa ba ta ambace shi ba, wani maigadin zai nemi na goro, wani zai ce a jira safiya, ɗalibin da ya gaji kuma ya nemo guduma. A rubuta cewa buɗewa kyauta ce, a faɗi wanda yake riƙe da makullin ofis, a kuma ce sai an nuna katin shaida an rubuta suna a littafi. Sharaɗin katin shi ne ke hana wani ya zo da dare ya ce ɗakinsa ne alhali ba nasa ba ne.

Na uku shi ne ɓata na gaskiya: makulli ya fita daga hannu, ba a san inda yake ba. Wataƙila ya faɗi a cikin a-daidaita-sahu, wataƙila kuma yana aljihun wanda ya san ɗakin sarai, ya san akwai kwamfuta biyu a ciki. Yanka wani makulli ba ya maganin wannan, sai an canza silinda. Sabuwa takan zo da makullai uku ko fiye, wanda ya yi daidai da ɗakin mutum biyu: ɗaya ga kowane mazauni, ɗaya ga ofis. Abokin zaman da bai ɓatar da komai ba ba ya biyan ko sisi, kuma ya kamata takardar ta faɗi haka, domin a nan ne abota take yawan lalacewa.

Kalmar da za a zaɓa a nan tana da nauyi. "Tara" hukunci ce, tana nuna an yi laifi. "Kuɗin canji" kuwa biyan abin da aka kashe ne. Bambancin ya wuce na ladabi, ya shafi tsaron gidan kai tsaye. Mu ce mai gida ya sa tarar naira 25,000 don ya tsorata mutane su kula. Ɗalibin da makullinsa ya ɓata ba zai je ofis ba. Zai ari na abokin zamansa, ya kai kasuwa a yanka masa da naira 1,000, ya yi shiru. Makullin da ya ɓata yana nan yana yawo, kubar ba a canza ba, kuma ofis bai sani ba sai ran da aka shiga ɗakin ba tare da an fasa ƙofa ba. Tsananin tara ya sayo wa gidan ɓoye-ɓoye. Alamar da mai gida zai gane haka da ita mai sauƙi ce: shekara ta ƙare ba wanda ya kawo rahoton ɓatan makulli, amma a cikin waɗanda aka dawo da su akwai da yawa sababbin yanka, ba su da tambarin kamfanin kubar.

Saboda haka rubutun da ya fi amfani shi ne wanda ya sauƙaƙa faɗin gaskiya. Ya ce a sanar cikin awa 24, ya faɗi adadin da ya yi daidai da abin da za a kashe, ya yi alkawarin nuna rasit ɗin kasuwa, ya kuma ba da 'yan kwanaki na biya. Ya hana yanka makulli a waje ba da izini ba, ya faɗi dalili a taƙaice. Mutane sun fi bin dokar da suka ga dalilinta.

Tambaya ɗaya ta rage, kuma dole takarda ta amsa ta: kuɗin canjin daga ajiya za a cire, ko daban za a biya? Idan aka cire daga ajiya a tsakiyar shekara, sabon makullin ya zama ba shi da abin da ke tsaye masa. Hanya mafi tsabta ita ce a biya kuɗin canji daban, ajiya ta zauna yadda take har ranar tashi. Sai wanda ya tashi bai dawo da makulli ba ne ajiyarsa za ta tafi wajen canjin. Ta haka ba a biyan abu ɗaya sau biyu, kuma kowa yana iya yin lissafin da kansa.

Makullin babbar ƙofa kuwa lissafinsa daban ne. Idan kowane ɗalibi yana da kwafinsa, ɓatan guda ɗaya yana nufin sabon kwaɗo da yankan makulli 40, wato naira 40,000 kafin a sa kuɗin kwaɗon. Ba adalci ba ne a ɗora wa ɗalibi ɗaya wannan, kuma ba ajiyar da za ta ɗauke shi. Mafita tana cikin tsarin gida: makullin babbar ƙofa ya zauna wurin maigadi. Haka kuma kada a rubuta lambar ɗaki ko sunan gida a jikin makulli, domin yin haka tamkar ba wa wanda ya tsinta kwatance ne. A sa wata alama da ofis kaɗai ya san fassararta a littafi.

Lokacin shiru: wane lokaci, wane sauti?

"Ban da surutu da dare" jimla ce da kowa zai yarda da ita kuma ba wanda zai iya aiki da ita. Dare a wurin wanda yake da lacca ƙarfe takwas na safe yana farawa bayan isha'i. A wurin wanda ya saba karatun tsakar dare, ƙarfe sha ɗaya ma yamma ce. Sai an sa lamba, an kuma bi ta da "na dare" ko "na safe". A guji ƙarfe 12 in da hali, domin ita ce lambar da ta fi rikita mutane tsakanin rana da dare.

Zaɓen lambar ma yana son sanin rayuwar gidan. Dokar da aka san za a karya kowane mako tana koya wa mutane raina sauran dokokin. Ga misali, manyan wasannin gasar zakarun Turai na daren Talata da Laraba suna farawa ƙarfe tara na dare agogon Najeriya a watannin sanyi, su ƙare wajen sha ɗaya saura. Gidan samarin da ya sa shiru daga ƙarfe goma ya shirya wa kansa faɗa a tsakiyar zagaye na biyu. Idan aka sa ƙarfe 11:00, yawancin wasannin sun ƙare, dokar ta zama mai yiwuwa. A ɗaya ƙarshen kuma akwai asuba, lokacin da mutane ke tashi alwala, famfo da bokiti suna motsi. Sanarwa ta gari tana faɗin cewa fita salla ko ibadar safe ba laifi ba ne, abin da ake nema a yi shi a hankali. Doka ɗaya ce ga mai karatun Alƙur'ani da mai addu'ar safe ta Kirista: ibada a ɗaki da murya ƙasa-ƙasa, ba da lasifika ba.

Akwai wani tarko da ya keɓanta da harshenmu. Idan aka rubuta "daren Juma'a", mutane da yawa za su fahimci daren Alhamis wayewar Juma'a, kamar yadda aka saba a lissafin addini, wasu kuma su fahimci daren da ya biyo bayan sallar Juma'a. Duk gidan da yake son sassauta doka a ƙarshen mako sai ya rubuta ranaku biyun: "daren Juma'a wayewar Asabar". Watan azumi ma yana bukatar layinsa, domin girkin sahur yana faɗowa a tsakiyar lokacin shiru. A halatta girki, a hana daka a turmi da kiɗa. Lokacin jarrabawa kuma ana iya matso da farkon shirun zuwa ƙarfe 9:00, amma a ce za a manna ranakun farawa da ƙarewa, kada ya zama sai yadda mai kula da gida ya ga dama.

Sai ma'anar surutu kanta. Hukumar kula da muhalli ta tarayya, NESREA, tana da ƙa'idojin ƙara na shekarar 2009 waɗanda ake aunawa da na'ura, amma maigadi ba shi da na'ura, kunne yake da shi. Ma'aunin da zai iya aiki da shi shi ne ƙofa: duk sautin da ake ji a baranda alhali ƙofar ɗaki tana rufe, ya yi yawa. Wannan ma'auni yana da kyau domin wanda ake ƙara da shi ma zai iya fitowa ya tsaya a baranda ya ji da kunnensa. A biyo shi da misalai uku ko huɗu na abin da aka fi fama da shi a gidan: lasifika, waya a buɗe murya, hira a baranda, ƙaramin janareto a bakin taga.

Kada a haɗa lokacin shiru da lokacin rufe ƙofa ko lokacin fitar baƙi a layi ɗaya. Dokoki uku ne daban. Idan aka cakuɗa su, ɗalibar da ta dawo daga ɗakin karatu ƙarfe sha ɗaya da kwata ba za ta san ko ta karya doka ba, maigadi ma haka.

Abu na ƙarshe a wannan sashe shi ne abin da zai biyo baya. "Za a ɗauki mataki mai tsanani" barazana ce da ba ta gaya wa kowa komai, kuma tana ba mai ƙaramin iko damar wuce gona da iri, har ya kai ga ƙwace waya ko lasifikar mutum. A jera matakan: karo na farko maigadi ya yi magana ya rubuta a littafi, na biyu gargaɗi a rubuce, na uku zama da mai gida tare da sanar da wanda ya tsaya wa ɗalibin. A kuma faɗa wa wanda aka dama inda zai kai kuka, domin zo mu zauna zo mu saɓa ne, kuma gara ya kira maigadi da ya je ya buga ƙofar maƙwabci cikin fushi.

Yaushe ɗalibi ya ga takardar?

Ko an tsara kalmomi yadda ya kamata, lokacin da aka nuna su yana da hukuncinsa. Akwai wata tsohuwar shari'a ta Ingila, ta shekarar 1949, da ɗaliban lauya a Najeriya suke karantawa a darasin dokar kwangila, wadda aka sani da shari'ar Olley da otal ɗin Marlborough Court. Wata mata da mijinta sun biya kuɗin masauki a wurin karɓar baƙi, sannan suka hau ɗaki, inda aka manna sanarwa cewa otal ba ya ɗaukar alhakin kayan da aka sace. Wata rana ta bar makullinta a wurin rataye makullai na ƙasa, wani ya ɗauka ya shiga ya kwashe mata kaya. Kotun ɗaukaka ƙara ta ce sanarwar ba ta cikin yarjejeniyar, domin an riga an ƙulla ciniki kafin baƙin su gan ta.

Darasin ga mai gidan ɗalibai a fili yake. Sharaɗin da mutum bai gani ba sai bayan ya biya, da wuya a ɗaure shi da shi. Dokar tarayya ta kare haƙƙin masu saye ta 2018 ita ma ta tanadi cewa bayanin da ake ba mai saye ya kasance cikin harshe mai sauƙin fahimta. Don haka takardar bango tunatarwa ce. Ainihin aikin yana teburin biyan kuɗi: a ba ɗalibi kwafi ya karanta kafin ya biya, ya sa hannu a biyu, ya tafi da ɗaya. Idan farashin silinda ya tashi a tsakiyar shekara, sabon adadi ya jira sabon zangon haya, kada a goge lamba da biro a bango a ce doka ta canza.

Ga yadda sanarwar gidan misalinmu za ta kasance idan aka haɗa komai:

SANARWA GA MAZAUNA GIDA

Ajiyar makulli
1. Kowane mazauni zai ba da ajiyar naira 8,000 ranar karɓar makulli, a ba shi rasit. Ba ta cikin kuɗin haya.
2. Ranar tashi za a gwada makulli a gabanka, a mayar maka da kuɗinka a ranar, ko ta banki cikin kwana 7.
3. Ba a cire komai daga ajiya sai idan ba a dawo da makulli ba.

Makulli
4. Ya karye, ka kawo guntayen: naira 1,000.
5. Ya ɓata: ka sanar da ofis cikin awa 24. Za a canza silinda, ka biya naira 8,000 cikin kwana 7, a nuna maka rasit. Abokin zamanka ba ya biyan komai.
6. Ƙofa ta kulle ka a waje: maigadi zai buɗe kyauta, bayan ka nuna katin shaida.
7. Kada a yanka makulli a waje, don ofis ya san adadin makullan kowane ɗaki.

Lokacin shiru
8. Kullum daga ƙarfe 11:00 na dare zuwa 6:00 na safe. Lokacin jarrabawa daga 9:00 na dare, za a manna ranakun.
9. Duk sautin da ake ji a baranda alhali ƙofa tana rufe ya yi yawa: lasifika, waya a buɗe murya, hira a baranda, janareto.
10. Fita salla, ibadar safe da girkin sahur ba laifi, a yi su a hankali.
11. Karo na farko magana, na biyu gargaɗi a rubuce, na uku zama da mai gida.
12. Idan an dame ka, kira maigadi a lambar da ke ƙasa.

A ƙarƙashin wannan sai lambar waya, sunan mai kula da gida, lokutan da ofis yake buɗe, da ranar da sanarwar ta fara aiki. Ranar tana da muhimmanci, don in aka sami tsohuwar takarda da sabuwa a san wadda ake bi.

Layi goma sha biyu ne, suna shiga shafi ɗaya da manyan haruffan da za a iya karantawa da hasken tocila. A lulluɓe takardar da roba saboda ruwa, a manna ta daidai tsayin ido a bakin ƙofa da kusa da ofis. Wajen bugawa a duba haruffa masu lanƙwasa, domin kwamfutocin shagunan buga takardu sukan mayar da ƙ da ɗ da ɓ wasu akwatuna, ko su zubar da lanƙwasar. Tunda jami'o'in nan suna tara ɗalibai daga ko'ina a ƙasar, a yi ta Hausa da ta Turanci gefe da gefe, a kuma sa mutum ɗaya ya bi lambobin layi-layi ya tabbatar adadin kuɗi da lokuta iri ɗaya ne a duka biyun.

Kafin a manna, akwai gwajin da ba ya cin ko kwabo. A ba maigadi takardar, a ba wani ɗalibi da bai taɓa ganinta ba, a yi musu tambayoyi uku kowa daban: makullina ya karye ga guntayen, nawa zan biya? Na tashi yau, yaushe zan ga kuɗina? Ƙarfe sha ɗaya da rabi ne ina kallon fim a waya, na karya doka? Idan maigadi bai iya karatu ba, a karanta masa, a ji amsarsa. Duk tambayar da amsoshinsu suka saɓa a kanta, layin da ya shafe ta bai gama gyaruwa ba, a koma masa kafin a kai takardar bango.